Yadda Ake Yi wa Kaka Saƙon Murya na Gaisuwa

Tsohuwa ba ta sauraron saƙon murya a yi shiru kamar yadda muke yi. Da zarar ta ji sallama daga cikin waya za ta amsa da ƙarfi, in an ce ina kwana ta ce lafiya lau, in an yi addu'a ta ce amin, wani lokaci har ta shafa. A wurinta kai ne ka shigo ɗaki ka durƙusa. Wanda ya fahimci wannan ya gama rabin aikin, domin duk sauran ƙa'idojin daga nan suka fito: kana ɗaukar rabin hira ne, ɗaya rabin kuma ita za ta cike shi da bakinta a lokacin da kai ba ka nan. In ba ka bar mata gurbi ba, muryarka za ta riƙa hawa kan amsarta, ta rasa abin da ka faɗa na gaba, ta ƙare da tambayar yaron da ya riƙe wayar, "Me ya ce?"

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Kafin wayar hannu, mutanenmu da ke Saudiyya da Sudan da Kurmi da Libiya kaset suke cikawa da gaisuwa su ba mai tafiya gida, a taru a tsakar gida a saka a rediyo. Da yawa daga cikin kakanninmu sun saba da wancan, kuma shi ya fi musu wasiƙar da sai an nemo ɗan makaranta ya karanta. Ka kuma tuna cewa wadda muke cewa ba ta karatu, sau da yawa boko ne ba ta yi ba. Tana iya riƙe da izu da dama a ka, ta kuma fi ka sanin addu'o'in da za ka yi mata. Saboda haka a shiga aikin da ladabi.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce kai jika ne kana aiki a Legas, kakarka ta wajen uba tana wani ƙauye a ƙasar Daura, ta haura saba'in, kunne ya fara nauyi, gwiwa tana damunta, ba ta da babbar waya. Saƙon zai bi ta wayar ɗan baffanka da ke gida ɗaya da ita. Jika mace ma haka za ta bi, sai a wurare kaɗan da zan nuna.

Mataki na farko: shirya da mai wayar

Kafin ka ɗauki komai, yi magana da wanda zai kai saƙon, don shi ne masinjanka, kuma saƙo mai kyau kan lalace a hannunsa. Ka roƙe shi abu uku. Ya kai mata a lokacin da hankalinta ke kwance, kamar da hantsi bayan ta karya, ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Tsakanin magariba da lisha yawancin tsofaffi suna kan sallaya da carbi, ba a katse su. Ya duba saurin sauraro a wayarsa, domin matasa da yawa sun mayar da nasu kan 1.5x ko 2x, kuma WhatsApp yakan riƙe wannan zaɓi ya ci gaba da shi a kan saƙonnin da ke biyo baya. Sai ya mayar da shi 1x, in ba haka ba duk natsuwar da ka yi ta tafi a banza. Na uku, ya zauna kusa da ita ya bari saƙon ya ƙare, in ta ce a sake ya sake ba tare da ƙosawa ba.

Daga nan ka san cewa saƙonka ba sirri ba ne. Za a kunna shi da lasifika, matan gida suna nan, yara suna nan, wataƙila da maƙwabciya da ta shigo aron turmi. Don haka kada ka ambaci adadin kuɗin da ka aiko, kada ka kawo ƙarar kowa, kada ka sa maganar auren da ba a riga an bayyana ba. Labarin rasuwa ko rashin lafiya mai tsanani kuwa sam ba a saka shi a saƙon murya ga tsohuwa; wannan aikin babba ne da zai zauna gabanta ya faɗa mata da baki.

Mataki na biyu: wuri da riƙon waya

Nemi ɗakin da ke da labule da katifa, ka rufe ƙofa, ka kashe fanka da talabijin. In janareton maƙwabta na ruri, jira ya mutu ko ka koma ɗakin da ya fi nisa da shi. Dalili shi ne kunnen tsufa ya fi shan wahala wajen tsame magana daga cikin hayaniya. Abin da kai kake ji a matsayin ɗan ƙara a baya, ita yana cinye mata kalmomi ne. Bayan gida da ɗakin da babu kaya a ciki suna amsa kuwwa, a guje su. Haka bakin titi da cikin mota.

Makirufon yawancin wayoyi a ƙasa yake, kusa da inda ake sa caja. Riƙe wayar kamar taƙi guda daga bakinka, ka ɗan kauce da ita gefe don iskar baki kada ta riƙa bugunta, ka kuma tabbata yatsanka bai toshe ramin ba. A WhatsApp, in ka danna alamar makirufo ka ja ta sama, sai ta kulle, ka saki hannu. Daga nan kana iya dakatawa ka saurari abin da ka ɗauka kafin ka aika. Wannan kullewar tana da muhimmanci, domin wanda ya danne da yatsa yakan yi sauri ba tare da ya sani ba, kuma yatsa na zamewa saƙon ya yanke a tsakiyar addu'a.

Ka zauna. Ni ina ganin ya fi kyau ma ka zauna a ƙasa kamar yadda za ka yi a gabanta, saboda zaman yana sauko da murya. Mai tafiya yana magana numfashinsa na fita a cikin saƙo, ita kuma za ta ɗauka ko wani abu ne ya koro ka.

Mataki na uku: murya

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga murya don an san kunnenta ya yi nauyi. Ihu a bakin makirufo fasa sauti yake yi, ya fito a lasifikar waya yana karkarwa, kuma a kunnenta sai ya yi kama da faɗa. Jin da tsufa ke fara ɗaukewa shi ne na sirara, wato sautuka irin su s da sh da f da ts, shi ya sa take jin ana magana amma kalmomin ba su fita. Maganin wannan shi ne ka buɗe baki sosai, ka fitar da kowace gaɓa har ƙarshenta, ka bar muryar a ƙasa-ƙasa cikin ƙirji, da ƙarfin da za ka yi magana da wanda ke zaune a ɗaya gefen tabarma. Jika mace mai siririyar murya ta fi bukatar kula da wannan: ta sauko da ita kaɗan, kada ta ƙanƙance ta don shagwaɓa, ko da kuwa haka suka saba in suna tare, don a fili kaka tana haɗawa da kallon baki, a waya kuwa babu bakin da za ta kalla.

Kada kuma ka wuce gona da iri ka koma sanyin murya kamar marar lafiya. Kaka tana auna lafiyarka da muryarka fiye da abin da ka faɗa. In ka ce "lafiyata ƙalau" cikin kasala, abin da za ta kwana da shi shi ne yaron nan ba ya jin daɗi, ana ɓoye mata. Don haka kada ka ɗauki saƙo daga tashi barci, ko kana mura, ko ranka a ɓace. Yi murmushi kana magana. Ana jin sa.

Sai harshe. Yi mata Hausar da take yi. In ta wajen Sakkwato ce ko Katsina ko Maraɗi, inda ake cewa lahiya, kai ma koma lahiya, kada ka kai mata Hausar rediyo. Cire Turanci da Faransanci gaba ɗaya, har da ƙananan da suka saje a bakinka ba ka ji. Lokaci ma da ma'auninta za ka faɗe shi: hantsi, azahar, la'asar, ranar kasuwarsu, watan azumin tsofaffi, bayan ƙaramar salla. In ka ce za ka zo ranar ashirin ga Disamba, sai an fassara mata. In ka ce bayan an gama girbi, cikin sanyi, ta riga ta gane.

Mataki na huɗu: tsarin gaisuwar da shirun da ke cikinta

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kai.

Fara da sallama cikakkiya, sannan ka yi shiru. Tsawon shirun ba sai ka duba agogo ba: amsa sallamar a zuciyarka da irin saurin bakinta, ba naka ba, in ka kai ƙarshe sai ka ci gaba. Wannan yakan kama daƙiƙa uku zuwa huɗu. Yayin ɗauka shirun zai yi maka tsawo, har ka ji kamar wani abu ya lalace. Ka daure. A can gida ba shiru ba ne, muryarta ce a wurin.

Sannan ka kira ta da sunan da ka saba, Hajiya ko Inna ko Iya ko Gwaggo ko Kaka, ka kuma faɗi ko kai wane ne, sau biyu. Kada ka dogara da cewa za ta gane murya. Waya tana sauya murya, jikoki kuma suna da yawa, 'yan'uwa maza muryarsu kan yi kama. Ka faɗi sunan da ita take kiranka da shi. In sunan mijinta aka sa maka, ka san ba ta faɗinsa, Maigida take ce maka ko Mai-sunan-Malam, to da wannan za ka gabatar da kanka. Haka in mahaifinka ɗan farinta ne da take wa alkunya, kada ka yi ta kiran sunansa a saƙon. Ka ce Baba, ya wadatar. Ka haɗa da garin da kake da ranar da kake magana, saboda saƙon yana iya kwana biyu kafin ya isa kunnenta in babu sabis ko data, kuma "ina kwana" da aka ji da daddare yakan rikita tsohuwa.

Bayan haka sai tambayoyin gaisuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowace da shirunta. Kada ka jero su a numfashi guda. Huɗu zuwa shida sun isa, a fara da na kowa a gangaro zuwa nata na kanta. Ga yadda na jikan Legas zai kasance. Inda na sa ɗigo uku, nan ne ake shiru:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah... Hajiya, ni ne Maigida. Maigida ne daga Legas... Yau Juma'a da hantsi nake miki wannan magana. An tashi lafiya?... Ina gajiya?... Yaya ƙarfin jiki?... Yaya gwiwar, da sauƙi dai ko?... To, Allah ya ƙara sauƙi... Yaya sanyi?... Yaya mutanen gida, da su Gwaggo, da yara?... To madalla, madalla."

Lura da "to madalla" da "Allah ya ƙara sauƙi" da ke biyo bayan shirun. Kana amsa amsar da ba ka ji ba ne, kuma ka san ta, tunda amsoshin gaisuwa sanannu ne: ba gajiya, da sauƙi, sanyi lokacinsa ne, duk lafiya lau. Wannan ne ke sa ta ji ana hira da ita. Amma ka tsaya a kan tambayoyin da amsarsu gajera ce. In ka ce "Yaya aka ƙare da maganar gonar nan?" za ta kama bayani mai tsawo, saƙon kuma yana ta tafiya, sai ta dawo ta tarar ka yi nisa. Irin wannan tambaya a ajiye ta can ƙarshe, guda ɗaya tak, ka ce mata ta ba ka amsa in an ɗauki nata.

Tambayar gwiwa ita ce ta fi kowace daraja a cikin jerin, don ita ce ke nuna wannan saƙo nata ne ita kaɗai. Ka nemi irinta kafin ka fara: akuyarta da ta haihu, idon da aka yi mata aiki, ƙawarta da suke zuwa masallacin Juma'a tare. In an yi rashi a dangi kwanan nan kuma ta riga ta sani, "yaya haƙuri" tana zuwa nan da nan bayan sallama, kafin komai, kuma a ranar babu wasa.

In ba ranar makoki ba ce, wasan jika da kaka yana da gurbinsa, bayan an gama gaisuwa ta ladabi. Jika namiji ya ce, "Amaryata, ina nan ina tara kuɗin lefe, kada ki kula kowa," jika mace ta ce, "Kishiya, ina nan zuwa in karɓe miki miji." Jimla ɗaya ko biyu, sannan shiru mai ɗan tsawo, saboda za ta yi dariya ta rama, mutanen tsakar gida ma za su sa baki. Wanda bai saba wannan wasa da kakarsa ba kada ya ƙirƙire shi a waya.

Labarinka ya zo a taƙaice: kana lafiya, iyali suna lafiya, aiki alhamdu lillahi, jariri ya fara zama. Abu ɗaya ko biyu da za ta iya riƙewa ta ba wasu labari. In akwai saƙo mai muhimmanci, kamar lokacin zuwanka ko cewa ka aiko da magani a hannun direba, faɗe shi sau biyu da kalmomi iri ɗaya, ka sake ambatarsa dab da sallama. Kada ka yi alkawarin ranar da ba ka da tabbacinta, domin ita za ta kama ƙirga kwanaki.

Mataki na biyar: addu'o'i da maimaita su

Akwai abin da ya kamata a bambance. Albarka daga sama take saukowa: kaka ce ke cewa "Allah ya yi maka albarka," jika ba ya faɗa mata haka, in ya faɗa sai maganar ta yi banbaraƙwai a kunnen manya. Abin da jika ke yi shi ne addu'a gare ta, sannan ya roƙi tata. Addu'o'in da suka dace da bakin ƙarami zuwa ga babba su ne irin su Allah ya ƙara lafiya, Allah ya ƙara nisan kwana, Allah ya bar mana ke, Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan magabata. Wadda ta shafi cikawa da imani tsofaffi suna sonta ƙwarai, amma ka sa kanka a ciki, ka ce "Allah ya sa mu cika da imani," kada ka ce "ki cika," musamman in tana jinya.

Kowace addu'a jimla ɗaya ce gajera, a bayanta shiru na amin. Amin ɗin tsohuwa ba guda ɗaya ba ne, takan ce "amin, amin, amin ya Allah," wani lokaci ta ɗora da tata addu'ar, don haka shirun nan ya ɗan fi na gaisuwa tsawo. Doguwar addu'a mai rassa, wadda ake haɗa abu biyar da "da" kafin a tsaya, ba ta ba ta wurin sa amin, sai ta yi ta jefa shi a tsakiya yana rufe maganarka.

Maimaici a nan ba cika baki ba ne, yana da aiki uku. Abin da kunne ya rasa a karon farko yana kama shi a na biyu. Ita ba za ta iya komawa baya ta duba ba kamar mai karanta wasiƙa, don haka maimaicin ne ke zaunar da maganar a ranta har ta iya faɗa wa maƙwabta abin da jikanta ya ce. Sannan a al'adarmu nanata addu'a alama ce ta cewa daga zuciya ta fito. Ya zo a hadisin Anas cikin Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya faɗi magana yakan maimaita ta sau uku don a fahimce ta, kuma ukun nan shi ne ma'aunin da nake ba da shawara a tsaya a kai.

Yadda za ka yi shi ne ka zaɓi addu'a guda ta zama uwa, wadda ta fi dacewa da halin da take ciki. Ga mai ciwon gwiwa, "Allah ya ƙara lafiya." Ita ce za ta fito sau uku: a farkon jerin, a tsakiya, da ƙarshe, da kalmominta ba canji. Sauran su zo sau ɗai-ɗai a tsakani. A karo na uku ka fi jan ta a hankali, ka haɗa da sunanta:

"Hajiya, Allah ya ƙara lafiya... Allah ya ƙara nisan kwana mai albarka... Allah ya bar mana ke... Allah ya ƙara lafiya... Allah ya saka miki da alheri bisa wahalar da kika yi da mu... Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa... Allah ya sa mu cika da imani... Allah ya ƙara lafiya, Hajiya."

Addu'a shida ke nan, ɗaya ta zo sau uku. In suka haura goma sai su fara zama jeri kawai, murya ta koma irin ta mai karanta takarda, kuma tsohuwa tana ganewa. Bayan ambaton marigayi ka ƙara tsawon shirun, don a nan zuciyarta takan tsaya kaɗan. In za ka sa addu'ar Larabci, ka ɗauki wadda ka iya da kyau kuma ta sani, ka karanta a natse. In kana shakkar lafazinka, Hausa ta isa. Kaka Kirista ma tsarin ɗaya ne, da addu'o'in da ta saba ji a gidanta da majami'arta.

Sai roƙon albarka, wanda shi ne ƙofar da kake buɗe mata: "Hajiya, a ci gaba da sa mana albarka. A yi mana addu'a, ni da iyali." Bar shiru mafi tsawo a duk saƙon, kamar daƙiƙa biyar ko shida, saboda nan take za ta fara. Ka ce "amin, amin, na gode," sannan ka yi sallama a fili yadda za ta san an gama: "To Hajiya, sai an jima. A gaida mutanen gida. Na bar ki lafiya. Assalamu alaikum." Ƙirga biyu a zuci kafin ka tsayar da ɗauka, don kada ƙarshen sallamar ya guntule.

Mataki na shida: saurara kafin ka aika

Duka saƙon, da shirunsa, zai kama minti biyu zuwa uku. Ƙasa da minti ɗaya yakan yi mata kamar ka leƙo ka wuce. In ya haura huɗu, mai riƙe da waya zai gaji, kuma ba zai so a ce ya sake ba. Ka aika shi guda ɗaya. Gutsattsarin saƙonni biyar suna iya isa ba a tare ba in sabis na rawa, a kunna mata addu'a ba a ji sallama ba.

Gwajin da ya fi kowane amfani shi ne wannan: kunna abin da ka ɗauka da lasifika, ajiye wayar nesa da kai kamar kamu biyu, ka zama kaka. Amsa kowace gaisuwa da baki, a hankali, ka ce amin uku bayan kowace addu'a. Duk inda muryarka ta cikin waya ta riga ka tashi kafin ka rufe baki, shirun wurin ya yi kaɗan. In wurare irin wannan sun kai biyu ko uku, goge ka sake. Amma ɗan tuntuɓen harshe ko tari ba dalilin sakewa ba ne. Wanda ya yi ta sakewa muryarsa takan bushe, ta rasa ɗumin karon farko.

Wajen aikawa ka kula kada ka taɓa alamar nan mai lamba 1 a cikin da'ira, wadda ke sa a saurari saƙo sau ɗaya ya ɓace. Kaka za ta so a sake mata yau, a sake gobe, a kuma kunna wa baƙi. Ka ce wa ɗan baffan naka ya sa wa saƙon tauraro don ya same shi da sauƙi, ya kuma duba ko hirarku tana kan tsarin saƙonni masu gogewa da kansu. In kunnen nata ya yi nauyi sosai, ya kunna ya kara mata wayar a kunne kamar mai amsa kira, sautin zai koma ta ƙaramar lasifikar sama; ko ya sa mata abin sauraro na kunne, ya fara da ƙaramin sauti yana ƙarawa har ta ce ya isa.

In tana da ƙaramar waya mai madannai da ke ɗaukar memori, za ka iya sa a zuba mata saƙon a ciki ta riƙa ji ba sai ta nemi kowa ba. Sai dai saƙon WhatsApp yana fita ne a tsarin opus, wanda ƙananan wayoyi da yawa ba sa buɗewa. A kai wa masu tura waƙoƙi da karatu a kasuwa ko shagon caji su mayar da shi mp3, su sa shi a farkon jeri, a nuna mata madannin da za ta taɓa.

Bayan ya isa

Alamar makirufo da ke jikin saƙon takan koma shuɗiya in an kunna, amma wannan bai nuna ita ta ji ba, wataƙila mai wayar ne ya saurara. Tambaye shi kai tsaye, kuma ka tambayi abin da ta yi. In ta ce "wane ne?" bayan an yi nisa, gabatarwarka ta yi sauri. In ta yi ta cewa "me ya ce?", ko hayaniya ce ko ka haɗiye ƙarshen kalmomi. In ta yi shiru ba ta amsa ba sam, galibi gurbin ne bai isa ba, ta gwada sau ɗaya ta ga an hau kanta sai ta haƙura. In kuwa ta tambaya ko lafiyarka, muryar ce ta yi sanyi da yawa. Kowanne ka gyara shi a saƙo na gaba.

Ka roƙe shi ya ɗauko maka amsarta. Ya kulle makirufon, ya riƙe mata wayar da kansa taƙi guda daga bakinta, ya ce mata "ga shi yana ji," ya bar ta ta yi har ta gama ko da ta maimaita abu ɗaya sau biyar, kada ya yanke don tsoron data. Saƙon murya na 'yan mintuna bai kai nauyin gajeren bidiyo ba. In ka sa masa ɗan kati lokaci-lokaci, aikin zai fi yi masa sauƙi.

In nata ya iso, saurare shi a zaune, ka amsa amin a inda ya dace. Sannan ka mayar da gajeren saƙo a ranar, na rabin minti: sallama, sunanka, "Hajiya na ji saƙonki, amin, amin, amin, na gode, Allah ya ƙara lafiya," da amsar duk abin da ta tambaya. In ba ta ji wannan ba, za ta yi ta tambayar yaron ko albarkar da ta sa ta isa. Daga nan ka tsayar da rana guda da za ta san saƙonka na zuwa, kamar kowace Juma'a da hantsi, ka sanar da mai wayar don ya riƙa tanadin caji da data tun daren Alhamis.